Waccan Tana Soro

Gidanmu na Shahuci soro biyu gare shi, kuma tun da aka kawo ni amarya ban taɓa ganin an rufe na farkon da rana ba. A nan maigidana yake zama in ya taso daga kasuwa, a kan buzunsa, da rediyo a gefe. Duk namijin da ya zo a nan yake tsayawa. In mace ce, sai ta yi masa sannu ta wuce ciki. Ban taɓa ɗaukar wannan zama nasa a matsayin aiki ba. Har tsiya nake yi masa, in ce mutum ya zauna yana ƙirga masu wucewa kamar an ɗauke shi gadi. Sai da ya rasu na gane cewa shekara talatin da bakwai yana tsare mini ƙofa.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Kwanakin farko gidan ya cika har ina neman inda zan miƙe ƙafa. Bayan sadakar bakwai aka fara raguwa, bayan arba'in kuwa sai ni da kaji. Samarina biyu suka koma bakin aikinsu, ɗaya Abuja, ɗaya Fatakwal. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, kunnena ya saba da hayaniya, sai ga ni ina jin ƙarar ɗigar famfo tun daga ɗaki. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai. Wani lokaci sai in yi gyaran murya don kawai in ji muryar mutum a gidan.

Na ce samarina biyu, kuma da a baki kuka tambaye ni 'ya'yana nawa, biyun zan ce muku. Amma uku ne. Akwai ta fari, mace. Mu asalinmu Fulani ne, ko da yake kakana ne na ƙarshe da ya riƙe sanda a bayan shanu. Shanun sun tafi, fillancin ma ya tafi, abin da ya rage mana shi ne kunya. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ƙirga shi cikin 'ya'ya, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ana yaye ta goggon maigidana ta ɗauke ta zuwa Gwale, a can ta girma. In ta zo hutu, Adda take ce mini, kamar yayarta. Ni kuma in zan yi maganarta sai in ce waccan. A ba waccan abinci. Waccan ta yi sallah kuwa? Haka uwata ta yi wa yayana, haka na yi, kuma mutane suna yaba mini.

Ta yi karatun jinya, ta yi aure, aiki ya kai su ƙasar Turawa ita da mijinta. Da mahaifinta ya rasu ta zo ta yi kwana biyar. Ranar da za ta koma, ta tsaya a soron farko tana kallon buzun nan, jakarta a hannu, ni kuma ina daga soro na biyu.

Ta ce, "Adda, shi ke nan. Mai kiran sunana a gidan nan ya tafi."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Abin da na iya faɗa ke nan. Tun daga ranar maganarta take cina, amma ban san ta inda ake fara gyara irin wannan ba. Waya tsakaninmu ba ta wuce minti biyu. Lafiya, lafiya, ya yara, sai an jima.

Kafin rasuwar ina da wata 'yar ƙaramar makaranta a tsakar gida. Duk Asabar bayan la'asar matan unguwa da wasu tsofaffin ɗalibaina sukan zo mu yi tilawa, mu gyara wa juna karatu, sauran lokacin kuma mu ci gyaɗa mu yi hira. A hankali aure da canjin aiki suka watsa su, wasu Kaduna, wasu sababbin unguwannin bayan gari, har abin ya mutu. Da ƙaramin ɗana ya ga halin da nake ciki, kafin ya tafi ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa, ya nuna mini yadda ake buɗe taron bidiyo. Ya ce in na aika musu linki, kowacce za ta danna daga gidanta, mu ga juna.

Asabar biyun farko na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Fuskoki suka jeru a 'yan akwatuna, wata tana tsinke zogale, wata tana shayarwa, wata an kama ta rabin kai a tsefe. Tunda mu mata ne zalla babu mai neman mayafi. Wata ta tambaye ni ko ta tura wa ƙanwarta linkin, na ce haba, karatu ne, a tura wa duk mai so. Ni a raina baƙonka annabinka, kuma ba a taɓa korar kowa daga tsakar gidana ba. Na manta cewa tsakar gidan nan da mutum a bakin ƙofarta.

Asabar ta uku muna cikin karatu sai na ga sababbin akwatuna uku sun buɗe, baƙaƙe, babu fuska. Na ɗauka ƙannen wasu ne. Wata baiwar Allah tana tsakiyar aya sai muryar namiji ta fasa dariya. Wani ya saki kiɗa. Na ukun ya ce, "Hajiya mai jan ɗankwali, juyo mu gan ki mana." Kafin in gane abin da ake ciki, fuskokinmu sun koma gefe, wani hoto ya cika allon, irin wanda bakina ba zai iya faɗa ba. Mata suka hau salati, wasu suna rarumar zani suna rufe kai. Ni kuwa da na yi shekara talatin ina tsawata wa aji, na rasa abin yi. Na kife murfin kwamfutar da ƙarfi, na ɗora faifai a kai, kamar wadda ta rufe ƙwarya kada ƙuda ya faɗa.

Nan take na kira wata tsohuwar abokiyar aikina, wadda ta bar koyarwa ta koma sakatariya a wani ofis, kuma tana cikin masu karatun. Da Hajiya nake kiranta, ita kuma Malama.

Ta ce, "Malama, ina kika shiga? Kin gudu kin bar mu da su!"

Na ce, "Ai na rufe."

"Murfi kika rufe, ba taro ba. Taron yana nan a buɗe, sai da kowa ta fita da kanta. Ke ce host, ke ce mai gidan. Da kin danna, da kin fitar da su ɗaya bayan ɗaya, ko ki tashi taron gaba ɗaya."

Wannan ya fi hoton yi mini ciwo. Na tara matan mutane, na tsere na bar su. Washegari mijin ɗaya daga cikinsu ya aiko a gaya mini matarsa ta daina. Ban ga laifinsa ba. Ni kaina ina cikin takaba, ko kwalli ban sa ba don kada wani ya kalle ni, ga shi ƙattan banza sun gan ni a kan gadona da ɗankwali a zame. Kwana biyu ko tuwo ban iya ci ba.

Ranar Talata Hajiya ta zo da kanta. Ta ɗage faifan nan tana dariya har da hawaye, ta ce wannan kariya ko a ofis ɗinsu ba su san da ita ba. Sannan ta zauna kan tabarma ta koya mini, ni ina rubutawa a bayan wani tsohon rajistan aji.

Da farko ta ce tsohon linkin ya mutu a wurinmu, tunda ba mu san hannu nawa ya shiga ba. Ta buɗe sabon taro mai sabuwar lamba, ta sa masa lambar sirri, wadda sai an rubuta ta za a wuce. Ta nuna mini wani abu da ban taɓa zato ba: sau da yawa lambar sirrin tana ɗinke a jikin linkin, duk wanda aka tura wa linki an ba shi har da makulli. Ta kashe wannan, ta ce in riƙa aika linki daban, lamba daban, kowacce a wayarta, ban da zubawa a gurup. Ta hana kowa ɗora hoto ko bidiyo a allo sai ni. Ta sa duk wadda ta shigo ta shigo da makirfonta a rufe. Ta nuna mini inda ake fitar da mutum, ta ce in na fitar da shi ba zai iya dawowa wannan zaman ba. Ta nuna mini inda ake kulle taro in kowa ya hallara, ta ce daga nan ko mai lambar sirri ya zo ba zai shiga ba, ni kuma ba zan ma san ya zo ba.

Sai ta zo kan abin da ta kira waiting room, ɗakin jira. Duk wanda ya zo, ko da lambar sirri a hannunsa, a nan zai tsaya. Ba ya ganinmu, ba ya jinmu. Ni kuma sunan da ya rubuta wa kansa zan gani a gefen allo, in ga dama in shigo da shi, in ga dama in bar shi a tsaye.

Na ce, "Hajiya, ai wannan soro ne."

Ta ce, "To, soro ne. Ke ce kuma za ki zauna kan buzun."

Ta gargaɗe ni cewa sunan da ke soro ba shaida ba ne, kowa yana iya rubuta abin da ya so, har sunan wata daga cikinmu. Don haka muka kafa doka biyu. Kowacce ta rubuta cikakken sunanta, ban da sunan waya, ban da Maman wane. In kuma na shigo da mace kyamararta a rufe, zan kira sunanta da bakina, ta buɗe makirfo ta amsa, mu ji muryarta. Wadda ba ta amsa ba, waje.

Daren Juma'a da wuri na zauna ina aika gayyata ɗaya bayan ɗaya. Da na gama da matan karatu, yatsana ya tsaya a kan lambar 'yata. Na daɗe ina kallonta. Na tura mata linkin, na tura lambar sirrin, ban rubuta ko sallama ba. Na ce a raina in tana so ta gan ni za ta gane. Na kuma tuna dokar kiran suna, sai na lallashi kaina da cewa ai za ta buɗe kyamara, ba sai an kai ga haka ba.

Na zama mai gadi na gaske. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Wata tsohuwa da ta girme ni ta yi minti ashirin a soro don jikarta ta bar sunan waya a wurin, sai da ta kira ni tana faɗa. Matan suka sa mini suna Sarkin Ƙofa. Ban damu ba. Amma duk sunan da ya faɗo gefen allon nan, kafin in karanta shi sai zuciyata ta yi tsalle, ko nata ne. Sunan da na rubuta a takardun asibiti da na makaranta ba adadi, ban taɓa furta shi ba. Asabar ta farko bai zo ba.

Asabar ta biyu, mun kusa farawa, sai ga wani suna a soro. Kalma ɗaya ce: Waccan.

Raina ya ɓaci nan take. Na ce 'yan iskan nan ne suka dawo, har da shaƙiyanci. Akwai inda ake rubuta wa na soro saƙo, na rubuta, "A fita a gyara suna a dawo." Ba a fita ba, ba a gyara ba. Na kulle taron muka yi karatunmu, sunan yana nan a gefe har muka shafa fatiha. Asabar ta gaba ma haka. Wannan karon na tsayar da karatu na wanke matan tas. Na ce akwai mai bakin ganga a cikinsu da take raba lambar sirri kamar goron suna. Suka yi ta rantsuwa. Wata har ta yi kuka, ita da ko tura hoto ba ta iya ba.

Hajiya ta ce a canza lambar. Ta tambaye ni mutum nawa nake aika wa.

Na ce, "Sha takwas, har da ke."

Wallahi ba ƙarya na yi niyya ba. Haka bakina ya saba ƙirga. Na canza lambar, na aika wa kowa sabuwa, na aika wa ta sha taran ma kamar kullum, babu sallama.

Asabar ta zo, sha takwas suka shigo cif, na kira na kira, na gani na gani. Ina shirin kullewa sai ga Waccan a soro. Na ji jini ya hau mini kai. Na rubuta, kuma har yau ina iya ganin haruffan: "Gidan nan ba a karɓar marar suna. Wanda bai da suna ya koma inda ya fito." Na ba shi kamar minti ɗaya don a karanta, sannan na danna fitarwa, na kulle taron. Na juyo na ce wa matan na yi maganin ɗan banza. Har kabbara wata ta yi.

Bayan an tashi Hajiya ta tsaya, daga ni sai ita a allon. Ta cire tabarau tana murza ido.

Ta ce, "Malama, abin nan bai shiga kaina ba. Lambar nan jiya kika raba ta. Ɗan iska kuma ba ya zuwa sati uku ya tsaya shiru a waje awa guda, ba shi da wannan haƙurin. Kin tabbata sha takwas ne? Ita 'yar taki fa ta Turai, ba ki taɓa tura mata ba?"

Na ce, "Wa, waccan? Ai waccan ba ta ma..."

Ban ƙarasa ba. Na ji kalmar ta fito daga bakina, na ji ta da kunnena kamar wata ce ta faɗa. Hajiya ta sa hannu ta rufe baki.

Ta bi dokata. Na ce kowacce ta rubuta sunanta, ita kuma ta rubuta sunan da na sa mata. Sati uku tana zuwa ta tsaya a soron uwarta, ta ga ko zan gane ta, ni kuwa ina zaune ina neman ta a cikin jerin sunaye. Na ce mata marar suna. Na ce ta koma inda ta fito.

Na ce, "Hajiya, a dawo da ita. Ina ake dannawa?"

Ta ce, "Babu, Malama. Wanda aka fitar ya fita. Sai dai wani zaman, in ta zo."

Na rufe taron, na tafi soron farko na zauna a ƙasa kusa da buzun. Ban taɓa zama a wurin ba. Ana kiran magariba a masallacin unguwa, mutane suna wucewa ta ƙofar, babu wanda ya leƙo. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da gawar maigidana, don ran nan ma kunya ta hana ni.

Na kira wayarta washegari, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira bayan kwana biyu. Ta turo saƙo: "Ina wurin aiki, Adda. Lafiya?" Na rubuta amsa na goge ya fi sau goma. Yaya ake ba ɗan fari haƙuri? Ban taɓa gani ba, ban taɓa ji ba. Uwata ta rasu ba ta taɓa kallon yayana ido cikin ido ba, kuma kowa ya ce mace ce mai kunya. Sai lokacin na fara tambayar kaina ko shi yayan nawa yaya ya ji. Daga ƙarshe na rubuta, "Lafiya lau." Na san ragwanci ne.

Ranar Juma'a na buɗe sabon taro, na tura mata linki da lamba, wannan karon na ƙara kalma huɗu: "Ƙofa a buɗe take." Ban cire soro ba, ban cire lambar sirri ba, don amanar matan mutane tana wuyana, kuma na riga na ga abin da sakaci yake jawowa. Kullewar kawai na daina. Hajiya ta lura, sai na ba ta ikon taya ni tsaro, ta riƙa sa ido a kan masu shigowa in ina jan karatu.

Ba ta zo ba. Sati na gaba ma ba ta zo ba. Sai na ɗauki wata ɗabi'a. In an shafa fatiha matan sun fita ɗaya bayan ɗaya, akwatunan suna ɓacewa, ni ba na tashin taron. Sai in zauna, fuskata kaɗai a allon, tsohuwa da baƙin ɗankwali babu kwalli, ina kallon gefen da sunaye suke fitowa. Har inuwar katanga ta cinye tsakar gida, kaji su shiga akurki. In an kira sallah in rufe. Asabar huɗu na yi haka. A cikinsu sau ɗaya wani suna ya faɗo, na zabura, ashe tsohuwar nan ce ta danna linkin bisa kuskure tana neman hoton jikanta.

Asabar ta ƙarshe kafin in fita takaba, matan suka yi ta zolayata, wai za su kawo mini lalle da turare ranar Laraba, wai Sarkin Ƙofa za ta fito gari. Na yi dariya don kada su ji babu daɗi. Suka watse. Na zauna kamar yadda na saba. Ina tunanin ko in tashi in ɗora ruwan shayi sai kwamfutar ta yi 'yar ƙararta, rubutu ya fito a sama cewa wani yana jira.

Waccan.

Ba ta canza ko harafi ɗaya ba. Kafiya dai a wurina ta gado ta. Saura kaɗan in danna na gefensa, wanda yake fitarwa. Na ja numfashi, na duba da kyau, na shigo da ita.

Akwati ya buɗe kusa da nawa, baƙi ƙirin, kalmar nan a ƙasansa, da 'yar alamar makirfo mai jan layi. Kyamara a rufe. Mai gida yana iya roƙon baƙo ya buɗe kyamara, amma ba ya iya buɗe masa. Ta san dokar gidan, ƙannenta sun ba ta labari suna dariya. Wadda ta shigo fuska a rufe, sai an kira sunanta ta amsa.

Na kalli ƙofar ɗaki, na kalli tsakar gida, kamar mai shirin sata. Babu kowa, babu wanda zai ce Malama ta yi rashin kunya. Na tuna ranar suna, ina ɗaki a bayan labule, na ji maroƙi ya ɗaga murya a ƙofar gida ya faɗe shi, na maimaita a zuciyata na ji ya yi mini daɗi. Shekara talatin da shida yana nan a inda na ajiye shi. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar na mai koyon baƙi, na runtse ido na faɗa.

Ba a amsa ba.

Na buɗe ido. Akwatin yana nan baƙi. Na ce shi ke nan, na makara, kuma ba ni da bakin yin ƙorafi. Sai jan layin da ke kan makirfonta ya ɓace. Na ji ƙarar mota a can nesa, na ji numfashi, sannan muryarta.

Ta ce, "Adda, makirfonki a rufe yake."

Na duba ƙasan allon. Gaskiya ne. Tun da matan suka fita na rufe shi don tarin da nake yi, na manta.

Ta ce, "Na ga bakinki. Na gane abin da kika ce. Amma ban ji ba."

Na goge fuskata da gefen zani. Na gyara zama, na matso kusa da kwamfutar. Na danna makirfon, na tsaya sai da na tabbata jan layin ya tafi, sannan na kira 'yata.